Yadda ake gane ko katin zafi na PLC gaskiya yake faɗi: tamokoful da Pt100

Duk mai taɓa fanel a injinan shinkafa ko na man gyaɗa nan Katsina ya san wannan rigimar. Allo na nuna digiri kaza, ofareto na rantsuwa ba haka zafin yake ba, mai wuri ya ce a canza sensa, a canza, lamba ta dawo inda take, sai a koma kan katin PLC, kwamfutar da ke tafiyar da injin, a ce shi ne ya lalace a aika Kano ko Legas a sayo wani da kuɗi masu ciwo. To mafi yawan lokaci sensa lafiyarta lau, kati ma lafiya lau, ɓarnar tana cikin wayar da ke tsakaninsu da kuma yadda aka saita katin.

Abin da nike so ka riƙe tun daga nan shi ne kati bai san zafi ba. Katin tamokoful milibolt yake karantawa a bakin taminal ɗinshi, katin Pt100 kuma om yake karantawa, daga nan ya yi lissafi ya ba ka digiri. Duk abin da ya ƙara ko ya rage milibolt ko om a hanya, kati zai haɗa da shi ya lissafa kamar zafi ne. Zan ɗauki injin shinkafa guda mu bi shi: akwai tamokoful nau'in K a bututun tanderun da ke ƙona ɓuntu, zafin wajen kamar 400, akwai kuma Pt100 a tankin jiƙa shanshera da ake so ruwan ya tsaya wajen 65.

Kafin ka kwance ko waya ɗaya, ka sa a maida wannan layin hannu, ka faɗa ma ofareto me za ka yi. Dalili kau, idan ka cire waya kati zai ga layi ya yanke ya tura lambar kuskure, idan kuma ka haɗe bakin taminal zai nuna kamar tanderu ya huce, kwantirola ta buɗe wuta iya ƙarfinta. Sannan fanel ɗin akwai wuta mai bolt 415 a cikinshi, ba wai don kana aiki da milibolt ka saki jiki ba. Kayan aiki ba su da yawa: maltimita mai karanta mV da om har bayan ɗigo, ƙaramin ma'aunin zafi da ka yarda da shi, guntuwar wayar jan ƙarfe, maganaɗisu, jadawalin K da na Pt100 a waya, da fulas na ƙanƙara.

Tamokoful: fara da bakin taminal

Tamokoful ƙarfe biyu ne daban aka haɗe bakinsu, tun 1821 Seebeck ya gano cewa irin wannan haɗin na ba da ɗan lantarki idan gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi. A nau'in K kowane digiri guda na ba da kamar 0.041 na milibolt, ƙanƙanin abu. Wurin da mutane ke ɓata shi ne, milibolt ɗin ba na zafin tanderu ba ne, na bambancin zafi ne tsakanin bakin da ke cikin wuta da wurin da wayoyin biyu suka ƙare suka haɗu da jan ƙarfe, wato mahaɗar sanyi. Shi kau jadawali an rubuta shi ne a kan cewa mahaɗar sanyin nan tana kan digiri 0. Wa ke da fanel mai digiri 0 a Katsina cikin watan Afrilu? Cikin fanel 40 ma an gode Allah.

Shi ya sa aka sa ma kati wata ƙaramar sensa kusa da sukurorin taminal, tana auna zafin wajen, kati ya maida wannan zafin milibolt ya ƙara a kan abin da ya shigo, sannan ya duba jadawali. Wannan ƙarin shi ne CJC da kake gani a saiti. Ga lissafin tanderunmu idan taminal na kan 40, E na nufin milibolt ɗin da jadawali ya ba wannan zafin:

```
E(400) = 16.397 mV
E(40)  =  1.612 mV
mita a taminal = 16.397 - 1.612 = 14.785 mV
kati: 14.785 + 1.612 = 16.397 mV -> 400 °C
```

Idan aka kashe ƙarin nan, ko aka ce ma kati mahaɗar na kan 0 alhali ba haka ba ne, zai ɗauki 14.785 tsura ya ba ka kamar 362. Ka lura milibolt ake tarawa, ba digiri ba. Wasu sukan duba jadawali su samu 362 su ƙara 40 su ce 402, a K ka kusa dacewa don layinshi ya ɗan miƙe, amma a wasu nau'ukan kamar S ko R wannan gajeriyar hanyar za ta kai ka daji, gara ka saba da yin shi daidai.

Mataki na farko ke nan: cire wayoyin sensa daga tashar, ka haɗe + da − da guntuwar wayar jan ƙarfe. Yanzu milibolt sifili ne, abin da ya rage sai ƙarin da kati ke yi, don haka allo dole ya nuna zafin taminal ɗin kanshi. Ɗora ma'auninka kusa da sukurorin, ka tura ƙyauren fanel ka ba shi ƴan mintuna. Idan allo ya ce 38 ma'auninka ya ce 37 ko 39, kati na da lafiya, ka bar shi ya huta, digiri ɗaya zuwa biyu dama kuskuren da aka san irin waɗannan katunan da shi ne. Idan ya nuna 0 cif, an saita shi kan tsayayyen zafi na 0. Idan ya nuna wata lamba da ba ta motsi safe da rana, shi ma tsayayyen saiti ne wani ya sa.

Mataki na biyu ka shiga saiti. A Siemens S7-1200 katin shi ne SM 1231 TC, cikin TIA Portal kowace tasha za ka zaɓa mata nau'in tamokoful da inda za ta samu zafin mahaɗar sanyi, kuma in dai wayar tamokoful ta zo har bakin kati to `Internal reference` kake so. Lambar da kati ke ba shirin digiri ne sau goma, 4000 na nufin 400.0, idan kau ka ga 32767 to ko waya ta yanke ko an wuce iyakar awo. Matatar hayaniya ka sa ta kan 50 Hz, wutarmu ke nan, ko ta KEDCO ko ta janareta.

Nau'in da ka zaɓa a saiti ya zama shi ne a jikin injin, kuma kada ka yarda da abin da aka rubuta da maka a jikin fanel. J ya fi K ba da milibolt, idan J ne a wuri mai digiri 200 kati kuma na lissafi da K, taminal na kan 30, allo zai nuna maka kusan 257. Launin waya na taimakawa amma shi ma sai ka san daga ina injin ya fito. A tsarin IEC, K kore ne + fari −, J baƙi ne + fari −. A tsarin Amurka K ɗorawa ce + ja −, J fari + ja −. Ka ga ja nan shi ne −, mu kau hannunmu ya saba ja shi ne +, nan yara da yawa ke juya waya. Idan launi ya koɗe ko ba ka yarda da shi ba, ɗauko maganaɗisu: a K ƙafar − ce ke ɗan kama shi, a J kuma ƙafar + ce, don baƙin ƙarfe ce, kamun ma mai ƙarfi.

Bi wayar da ƙafarka

Mataki na uku shi ne wanda ake ƙyuya a kanshi, kuma nan ne kuɗin yake. Tashi daga kan sensa ka bi kebul ɗin har kati, ka buɗe duk akwatin haɗi da ke hanya. Abin da kake nema shi ne wurin da wayar tamokoful ta ƙare aka ɗora ta jan ƙarfe. Wayar ƙari ta K tana da tsada kuma ba kowane shago ke da ita ba, sai ka tarar an ja mita biyu da ta asali, sauran mita talatin an cike da kebul ɗin fanka.

Duk inda aka yi wannan ɗorin, mahaɗar sanyi ta tashi daga kati ta koma can. Kati kuma bai sani ba, zafin taminal ɗinshi yake ƙarawa. A ce akwatin haɗin na jikin bangon tanderu yana kan 60, fanel na ɗaki kan 35:

```
abin da ya iso = E(400) - E(60) = 16.397 - 2.436 = 13.961 mV
kati ya ƙara E(35) = 1.407
jimla = 15.368 mV -> kamar 376 °C
```

An ci maka digiri 24 zuwa 25, daidai bambancin zafin akwatin da na fanel. Allo na nuna ƙasa da gaskiya, ofareto na ƙara ɓuntu don ya kai 400, tanderu kau ya wuce 420. Kuma abin haushin kuskuren ba tsayayye ba ne. Da asuba cikin hunturu kafin bangon ya ɗau zafi akwatin da fanel kusan ɗaya suke, lamba ta yi daidai, zuwa azahar ta zame. Na taɓa tsayawa da wani dattijon ofareto a wani injin, ya ce mani, "Injiniya, wannan agogon naku da safe mutumin kirki ne, da rana ne ba na gane mashi." Ina buɗe akwatin da ke bayan tanderu sai ga kore da fari sun shiga kwanekta, ja da baƙi na jan ƙarfe sun fita ta ɗaya gefen, robar kwanektan har ta yi ruwan ƙasa don zafi. Idan ka ji lamba na bin lokacin yini haka, tun kafin ka ɗauko mita ka zargi ɗori.

Akwai wanda ya fi wannan muni, shi ne an sayi wayar ƙari ta gaskiya amma an juya ta gefe biyu, a akwati an sa + kan −, a kati an sake juyawa don lamba ta daina tafiya baya. Yanzu lamba na hawa idan wuta ta hau, kowa ya ce an gyara, amma kuskuren ya ninka biyu, a misalinmu allo zai nuna kamar 351 maimakon 400. Juyi gefe ɗaya kawai sauƙin kamawa gare shi, wuta na ƙaruwa lamba na sauka. Na gefe biyun ne ke kwana shekara a inji. Yadda za ka kama shi, da ma ɗorin jan ƙarfen, ka bar komai a haɗe ka ɗumama akwatin haɗin da na'urar busar gashi ko ka kama kwanektan da hannu in yana da sanyi, wani na kallon allo. Idan haɗin daidai ne lamba ba za ta damu ba. Idan ta fara sauka yayin da kake ɗumama wajen, ka samu ɓarawon.

Kwanekta ko taminal na tagulla a tsakiyar hanya ba laifi ba ne in dai wayar K ce ta shiga wayar K ta fita kuma gefe biyun zafinsu ɗaya. Inda ake yawan mantawa shi ne cikin fanel ɗin kanshi, wayar K ta zo ta tsaya a layin taminal na ƙasa, daga nan zuwa kati a ja da siririyar jan ƙarfe kamar sauran sigina. Ƙasan fanel da saman fanel ba zafinsu ɗaya ba, musamman in kati na zaune saman inbata ko tiransifoma, ka ga an sake yin wancan kuskuren a ƙarami. Wayar K ta kai har sukurun kati. Kuma kada ka manna katin jikin abin da ke fitar da zafi, kada fanka ta riƙa hura mashi iska kai tsaye, don sensar cikinshi da sukurorin za su rabu a zafi. In an ɗauke wuta an daɗe sannan aka tada janareta, ka ba fanel lokaci ya daidaita kafin ka yanke hukunci kan digiri ɗaya ko biyu.

Mataki na huɗu, bayan ka gyara hanya, ka tabbatar da hannunka. Sa mita kan mV a wayoyin da suka iso kati, ka auna zafin wajen, ka duba milibolt ɗinshi a jadawali ka tara, ka maida digiri, ka gwada da allo. In kana da kalibireta, hattara da ƙari sau biyu: in ka sa ta yanayin tamokoful K to ka haɗa ta da kati da wayar K, in kuma tsurar mV za ka tura ta wayar jan ƙarfe to kai ne za ka cire na taminal da kanka, ka tura 14.785 in taminal na kan 40 kana son ganin 400. Wanda ya tura 16.397 zai ga wajen 438 ya ce kati ya haukace.

Pt100: nan tsawon waya ne abokin gaba

Pt100 ba ta ba da lantarki, siririn filatinam ne da om ɗinshi ke hawa da zafi, om 100 a digiri 0, om 138.51 a digiri 100, wato kamar 0.385 kowane digiri. Kati na tura mata ɗan ƙaramin karan, kamar miliam guda ko ƙasa, ya auna abin da ya faɗi a kanta. Babu ruwanta da mahaɗar sanyi, wayar jan ƙarfe ake ja mata. Amma ita wayar tana da nata om ɗin, kuma in waya biyu ce kawai kati zai auna sensa da waya gaba ɗaya, kamar ka ɗora gero a sikeli da kwanon ba ka cire nauyin kwano ba.

Mu koma tankin jiƙa. Daga tanki zuwa fanel mita 60, kebul mai 0.5 mm², wanda kowace mita ke da kamar om 0.036. Zuwa da dawowa mita 120 ke nan:

```
waya = 120 x 0.036 = 4.3 Ω
Pt100 a 65 °C = 125.16 Ω
kati ya gani = 129.5 Ω -> kamar 76 °C
```

Digiri 11 a sama. Ka lura ita wannan ƙaryar sama take yi. In an saita kwantirola ta tsaya a 65, za ta rufe tururi ruwa na wajen 54, shanshera ba ta jiƙu yadda ya kamata ba a lokacin da aka ɗiba mata, a zo wajen casa a yi ta ganin farin ciki a ƙwaya da karaya, a ɗora laifi kan manomi.

Mataki na farko nan, ƙirga wayoyi gefe biyu, a kan sensa da a bakin kati. Mai uku yawanci ja biyu fari ɗaya, mai huɗu ja biyu fari biyu, masu launi ɗaya a haɗe suke can cikin sensa. Abin da nike yawan tararwa shi ne kati an saita shi kan waya uku, kebul ɗin kau biyu ne, sai aka sa ƴar gada a bakin kati don ya daina kawo kuskure. Wannan gadar ba ta cire komai, kati zai auna om ɗin gadar mai tsawon ɗan yatsa ya ce shi ne na hanya, ya cire sifili. In sensa mai waya biyu ce kuma kana son gyaran ya yi aiki, waya ta uku daga kan sensar za ta taso ta bi hanya tare da ƴan uwanta.

Mataki na biyu, cire wayoyin daga kati gaba ɗaya kafin ka sa mita, in ba haka ba karan ɗin kati da na mita za su cakuɗe. Haɗa bakin wayoyin mitarka ka ga nawa suke ci, sau da yawa 0.2 zuwa 0.5, ka danna `REL` ko ka riƙe lambar ka cire, don rabin om a nan ya fi digiri guda. Auna ja da ja, a misalinmu 4.3 za ka gani, om ɗin waya biyu ke nan ba sensa a ciki. Auna ja da fari, 129.5. Cire na farko daga na biyu ka samu 125.2, jadawali ya ce 65. Abin da katin waya uku ke yi ke nan, ba wani siddabaru. Sai ka auna ɗaya jan da fari, dole ya zo daidai da na farko, in sun saɓa to ɗaya daga cikin jajayen na da matsala.

Raunin waya uku shi ne kati bai taɓa auna farar ita kaɗai ba, ɗauka kawai yake yi cewa om ɗinta daidai yake da na ja. Don haka ukun su zama kauri ɗaya, tsawo ɗaya, cikin kebul ɗaya. In aka ɗora ɗaya da wata waya daban, ko sukuru ɗaya ya saki, ko tururin tanki ya shiga kan sensa tsatsa ta ci taminal guda, om ɗaya tak na bambanci digiri 2.6 ne. In a farar yake lamba ta hau, in a jajayen yake tana iya sauka, ya danganta da wacce da kuma yadda katin ke awo. Kan sensar da ke bakin tankin ruwan zafi, ka buɗe shi ka gani da idonka, za ka tarar da kore-kore a sukurori da ɗigon ruwa a murfi. Kankare, ɗaure, ka gyara robar murfin, ka sa kebul ya ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ya shiga don ruwa ya ɗiga waje.

Don ka auna ukun ɗaya bayan ɗaya, cire su daga sensa ka murɗe bakinsu wuri guda can, ka dawo fanel ka auna bibbiyu, sau uku. Duk su zo kusan 4.3. Wadda ta fito a awo biyu masu yawa ita ce mai laifi.

Waya huɗu ta raba gardama, biyu na kai karan, biyu na auna abin da ke kan sensa kuma kusan ba karan a cikinsu, don haka om ɗin hanya bai shiga lissafi, ko wayoyin ba su yi daidai ba. Ni in kati na karɓar huɗu kuma sabon kebul za a ja, ba na tsayawa ciniki kan ƙwaya ɗaya ta waya. In kau waya biyu ce a binne ba halin canzawa, Pt1000 na rage ciwon sau goma, om 4.3 ɗin nan ya koma kamar digiri 1.1, amma sai kati na karɓarta kuma an canza saiti.

Wani zai ce ai sai a cire 11 a cikin shiri a huta. Yana ragewa, ban ce bai yi ba, amma jan ƙarfe shi ma om ɗinshi na hawa da zafi, kamar kashi 0.39 cikin ɗari kowane digiri. Kebul da ke bin ƙarƙashin kwano, tsakanin asubar Janairu da azahar ɗin Afrilu bambancin digiri 30 ba abin mamaki ba ne, wannan rabin om ne a kan 4.3, digiri ɗaya da wani abu da gyaranka bai san da shi ba. Ga kuma ranar da wani zai zo ya ja waya uku bai san ka ɓoye −11 a shiri ba. In dole ta sa ka yi, rubuta shi ɓaro-ɓaro a cikin fanel.

Mataki na uku saiti: yawan waya ya dace da abin da ke ƙasa, nau'i Pt100, kuma lambar hawa 0.00385 wadda ita ce ta IEC 60751, mafi yawan sensar da ke kasuwa ita suke bi. Akwai masu 0.00392, in aka cakuɗa za ka samu kusan digiri biyu a wajen 100. A katunan S7-300 da S7-1500 akwai zaɓin `standard` da `climatic`, na farko digiri sau goma yake bayarwa na biyu sau ɗari, in ka ga tanki na nuna 650 maimakon 65 to nan za ka duba.

Mataki na huɗu gwaji da rezisto. Sa mai om 100 a bakin kati, allo ya nuna 0. Sannan ka kai shi can kan tanki ka sa shi a madadin sensa da wayoyin duka a haɗe yadda suke, allo ya sake nuna 0. Bambancin awo biyun shi ne kuskuren hanya tsantsa. Amma rezisto na gyaran rediyo mai zoben zinare kashi 5 cikin ɗari yake iya kaucewa, om biyar, digiri 13, don haka ko ka samo mai 0.1 ko ka auna naka da mita mai kyau ka duba digirin da ya dace da shi a jadawali.

Ita kanta sensar, ko K ko Pt100, ka daka ƙanƙara ka cika fulas ka zuba ruwa kaɗan ya cike tsakani, ka tsoma ta sosai kana juyawa, 0 za ka gani. Pt100 mai aji B an yarda mata kaucewar 0.3 a nan, aji A kuma 0.15. In da tafasasshen ruwa za ka gwada kada ka jira 100, Katsina na sama da teku da kamar mita 500, ruwa na tafasa wajen 98, kada ka je ka gyara lafiyayyar sensa.

In lamba rawa take yi ba kaucewa ba, musamman in babbar mota ta tashi, wannan hayaniya ce. Raba kebul ɗin sigina da na mota, kada su kwanta tire ɗaya, ragar kebul a haɗa ta da wayar ƙasa, wato at, a gefen fanel kawai. Tamokoful ya fi jin wannan don milibolt ɗinshi kaɗan ne, kuma mai bakin da ke haɗe da jikin bututunshi na iya jawo karan ta jikin inji in tashoshin kati ba a ware suke ba.

In tazarar ta yi nisa, S7-1200 dai mita 100 littafinshi ya yarda, ko kuɗin wayar K ya fi ƙarfin mai wuri, sa tiransmita a kan sensa ta maida awon 4 zuwa 20 mA ka ja da jan ƙarfe zuwa katin analog na yau da kullum. Ita za ta yi ƙarin mahaɗar sanyi a can, Pt100 kuma wayarta ta koma ƴar gajeruwa. Sai dai yawancinsu iyakar zafin da suke jurewa 85 ne, don haka a bututun tanderu kada ka sa ta cikin kan sensa, ja wayar K mita biyu ko uku zuwa akwati a inuwa ka ajiye ta can, kuma iyakar da ka saita mata, a ce 0 zuwa 600, ita za ka sa a lissafin PLC.